Wai da gaske kalmar aljebra daga ɗorin karaya ta samo asali?

Abban Sadik:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana Larabci da malaman lissafi ku warware mana wata gardama, jiya a majalisa wani abokinmu ya dage cewa wannan aljebra da ake yi a makaranta, mai x da y ɗin nan, wai kalmar ba Turanci ba ce Larabci ce, kuma wai asalin ma'anarta ɗori, ɗorin karaya dai da muka sani. Na farkon na yarda tunda na ga "al" a gaba, amma na biyun ne ya ƙi shiga kaina, me ya haɗa ƙashi da lissafi?

Auwal Katsina:
Wa alaikumus salam. Larabci ce kam babu tantama amma batun ɗori ban taɓa ji ba. Abin da na sani sunan mutum ne, Jabir ibn Hayyan, shi ya ƙirƙiro ta shi ya sa ake cewa al-jabir, Turawa suka lanƙwasa ta koma aljebra. Haka malaminmu ya faɗa mana tun muna sakandare.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik abokinka yana kan daidai. Auwal ƙanina ba sunan mutum ba ne, Jabir ibn Hayyan an san shi ne a fannin haɗe-haɗen sinadarai, ba shi ya rubuta littafin da kalmar ta fito daga ciki ba. Amma ba malaminku ne ya fara wannan ruɗanin ba, su kansu Turawa a ƙarnonin baya akwai waɗanda suka rubuta cewa wani Balarabe mai suna Geber ne ya ƙago ilimin, don sun ga sunan ya yi kama da kalmar.

Kalmar ta fito ne daga sunan littafi. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta shi wajen shekarar 820 miladiyya, sunansa al-Kitab al-mukhtasar fi hisab al-jabr wal-muƙabala, wato taƙaitaccen littafi kan lissafin jabr da muƙabala. Jabr da muƙabala ɗin nan wasu ayyuka biyu ne da ake yi wa lissafi kafin a kai ga amsa. Da aka fassara littafin zuwa Latin sai ba a fassara waɗannan kalmomi biyu ba aka bar su yadda suke, a hankali ta biyun ta faɗi a hanya ta farkon ta zama sunan fannin gaba ɗaya.

Ustaz Kabiru:
Malam Nura ya yi bayani mai kyau ta ɓangaren tarihi. Sai dai ni ina da ja a kan cewa ma'anar ita ce ɗori kawai. Haruffan tushen kalmar, wato jim da ba da ra, abin da ɗalibi ya fi sani a kansu shi ne tilastawa. Ga ijbari a babin aure, waliyyi mujbiri, ga Jabariyya masu cewa bawa tilasta shi aka yi ba shi da zaɓi, ga sunan Allah Al-Jabbar a ƙarshen Suratul Hashri. To me zai hana a ce ma'anar ita ce ka tilasta wa lissafin ya fito da abin da ya ɓoye? Ni wannan ya fi kwanta min.

Abban Sadik:
To fa. Ga ɗori ga tilas. Wanne za mu kama kenan?

Hajiya Binta:
Salamu alaikum. Ni ba Larabci na karanta ba kuma lissafin ma iyakata na kasuwa, amma mahaifinmu Allah ya jiƙansa maɗori ne, a zaurensa muka tashi muna ganin ana kawo masu karaya. Ustaz duk wanda ya taɓa ganin ana ɗori ba zai raba shi da tilas ba. Ƙato guda sai mutum biyu ko uku sun riƙe shi, Baba ya fara lalubawa da yatsa har ya gano inda ƙashin ya rabu, sannan a ja ƙafar da ƙarfi, mutum yana ihu yana kiran sunan Allah amma ba a saki sai bakin ƙashin ya koma ya haɗu da ɗan'uwansa. Daga nan a shafa man shanu a naɗa tsumma a jera kara a zagaye a ɗaure. Kullum yana cewa ɗaurin ne ke da hatsari, in ya yi sako-sako ƙashin ya goce ya haɗe a karkace, in kuma ya matse jini ya tsaya, shi ya sa yake bin yatsun mara lafiya yana taɓawa ko sun yi sanyi ko sun canza kala, in ya ga haka take yake kwancewa. Karayar da ƙashi ya fasa fata kuwa ba ya taɓawa, asibiti yake turawa. To ni a ganina gyara ne amma gyaran da sai an sa ƙarfi.

Ustaz Kabiru:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Hajiya wallahi kin faɗi abin da wani babban malami ya faɗa da Larabci. Ragib al-Asfahani a littafinsa na kalmomin Alƙur'ani, Mufradat, cewa ya yi asalin jabr shi ne gyara abu ta hanyar wani nau'i na rinjaye da ƙarfi. Kin ga ya haɗa biyun a jimla ɗaya. Kuma karan nan da kika ce ana jerawa, shi Larabawa ke kira jabira, shi ya sa a fiƙihu muke da babin shafa a kan jabira, wanda aka yi wa ɗori in zai yi alwala ba sai ya kwance ba shafa zai yi a kai. Mai ɗorin kuma mujabbir.

Hajiya Binta:
Amin Ustaz na gode. Ashe karan ɗorin ma yana da babi a littafi.

Malam Nura:
Madalla. To yanzu bari in nuna muku aikin da kansa don a nan ne za a ga dalilin da ya sa na fi karkata ga ɗori. Ku fara cire x da y daga ranku, a littafin al-Khwarizmi babu alama ko ɗaya, komai da magana ya rubuta shi kamar yana ba da labari. Abin da ba a sani ba yana ce masa shai'un, abu. In an ninka abun da kansa yana ce masa mal, dukiya. Lamba zalla kuma sau da yawa dirhami yake ce mata.

Ga ɗaya daga cikin tambayoyinsa. Ka raba goma kashi biyu, kashi ɗaya in ka ninka shi da kansa ya ba ka daidai da ninki huɗu na abin da za ka samu in ka ninka kashin biyu da juna. Sai ya ce kira kashi ɗaya abu, ɗayan kuma ya zama goma ba abu. Ninka abu da goma ba abu, ka samu abu goma ba dukiya ɗaya. Ninka wannan sau huɗu, ka samu abu arba'in ba dukiya huɗu. Kenan dukiya ɗaya daidai take da abu arba'in ba dukiya huɗu. A rubutunmu na yau:

x² = 40x − 4x²

To ku dubi ɓangaren dama da idon mutumin wancan zamani. Shi ba ya aiki da lambar da ta gaza sifiri, a wurinsa babu wani abu wai shi "ba huɗu" da ke tsaye da ƙafarsa. Abin da yake gani arba'in ce wadda aka gutsure mata wani yanki, arba'in mai naƙasa. Kamar buhun da aka ɗebi mudu huɗu a ciki, buhu ne ɗaya da bai cika ba. Sai ya ce ka yi wa arba'in ɗin jabr da dukiya huɗu, ma'ana mayar mata da abin da aka cire ta koma cikakkiya, sannan ka ƙara wa ɗaya ɓangaren dukiya huɗu shi ma don kada daidaiton ya ɓaci.

5x² = 40x

Dukiya biyar daidai da abu arba'in, kenan dukiya ɗaya abu takwas ce, abun shi ne 8, ɗayan kashin 2. Ku gwada, 8 sau 8 64. 8 sau 2 16, sau huɗu 64. Ya fita.

Abin lura shi ne abin da ake yi wa jabr ɗin. Ba amsar ake tilastawa ta fito ba, don bayan an gama jabr ma ba a kai ga amsa ba tukuna. Mai naƙasar ake cikawa.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Malam wannan ai shi ne abin da ake ce wa yara in lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama ko? Ɗiyata tana aji biyu na ƙaramar sakandare haka take rerawa kamar karatun allo amma in na tambaye ta me ya sa take canzawa sai ta ce haka anti ta ce.

Malam Nura:
Shi ne Maman Ilham, kuma wannan rerawar tana cikin abin da ke damuna a aji. Babu lambar da ke tsallake komai. Abu ɗaya ake ƙarawa a ɓangarorin biyu, a ɗaya ɓangaren ya cike giɓi ya ɓace, a ɗayan ya bayyana. Yaron da ya haddace tsallakawa za ki gane shi ranar da aka ba shi 2x = 10, sai ya tsallakar da 2 ɗin ya rubuta x = 10 − 2 ya ce 8, alhali 5 ce, don shi dokar da ya riƙe ba ta bambanta masa tarawa da ninkawa ba. Ki ce mata duk abin da ta yi wa hagu ta yi wa dama, kuma in ta samu amsa ta mayar da ita cikin tambayar ta gani ko ta zauna.

Sani Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Mu nan da Faransanci muka yi lakkwal, algèbre muke rubutawa, kun ga tamu ma ta fi kusa da al-jabr tunda ba a jin wasali a ƙarshe. Tambayata ita ce muƙabalar fa? An yi ta maganar jabr an bar ta, mi take nufi?

Malam Nura:
Malam Sani muƙabala fuskantar da abu da abu ne, a sa su gaba da gaba a gwada. In iri ɗaya ya bayyana a ɓangarorin biyu sai a cire ƙaramin daga babban. Akwai tambayar da ta haɗa duka biyun. Raba goma kashi biyu, ninka kowanne da kansa, ka tara, ya ba ka 58.

Abu sau abu dukiya ɗaya. Goma ba abu sau kansa ya ba da ɗari da dukiya ɗaya ba abu ashirin. In an tara:

2x² + 100 − 20x = 58

Ga naƙasa nan, an cire abu ashirin. Jabr:

2x² + 100 = 58 + 20x

Sai a raba komai biyu don a koma dukiya ɗaya:

x² + 50 = 29 + 10x

Yanzu dirhami 50 a nan, dirhami 29 a can, iri ɗaya ne suna kallon juna. Cire 29 daga kowane ɓangare, wannan ita ce muƙabala:

x² + 21 = 10x

Daga nan yana da ƙa'idar da yake bi. Rabin goma 5, ninka ta da kanta 25, cire 21 saura 4, saiwar 4 ita ce 2, cire ta daga 5 ka samu 3, ɗayan kashin 7. Tara da arba'in da tara, 58.

Duk wahalar jabr da muƙabala don a kai lissafin ga ɗaya daga cikin siffofi shida ne da ya jera a farkon littafin, kowacce da hanyar warware ta. Shida suka zama saboda ba ya yarda a bar abin cirewa a ciki, dole kowane ɓangare ya zama tarawa zalla. Mu yau da muke aiki da lambobin ƙasa da sifiri siffa ɗaya ta ishe mu.

Auwal Katsina:
Na gamsu da batun littafin. Amma Malam ni na taɓa jin cewa sunan shi wannan al-Khwarizmi ɗin ne ya zama aljebra, ko kuwa na haɗa biyu ne?

Malam Nura:
Kalma biyu ce daga mutum ɗaya. Sunan littafinsa ya ba da algebra. Sunansa shi kansa kuma, da Turawa suka rubuta shi Algoritmi a fassarar wani littafinsa daban kan lissafi da lambobin Indiya, shi ya zama algorithm da masu kwamfuta ke faɗa. Khwarizm ɗin sunan yanki ne kudu da tafkin Aral, wajen garin Khiva a Uzbekistan ta yau.

Ɗan Gwaggo:
Salam malamai dan Allah tunda ana maganar aljebra akwai mai tsofaffin tambayoyin jarrabawar fita sakandare ya turo min, saura wata biyu mu fara kuma wannan saimaltaniyos ɗin ya ƙi zama

Maman Ilham:
Ɗana ba wannan ake tattaunawa ba, asalin kalmar ake nema. Amma ka karanta abin da Malam Nura ya rubuta a sama a hankali da biro a hannunka, zai yi maka amfani a abin da kake nema ɗin. Allah ya ba da sa'a.

Dr. Hadiza:
Na daɗe ina bin zancen ina jin daɗi. Bari in ƙara abin da ya shafi ɓangarenmu na asibiti don shi ne zai ƙarfafa maganar abokin Abban Sadik. Kalmar ba ta ƙofar lissafi kaɗai ta shiga Turai ba, ta shiga ta ƙofar likitanci ma, domin littattafan tiyata na Larabci su ma an fassara su zuwa Latin, kuma a cikinsu jabr na nufin gyaran karaya. A Turancin Ingilishi ma farkon bayyanar kalmar a rubuce, wajen ƙarni na 15, da ma'anar ɗorin ƙashi ta zo, sai a ƙarni na 16 aka fara ganinta da ma'anar lissafi. A Sifaniya kuwa inda Musulmi suka yi ɗaruruwan shekaru, algebrista sunan mai ɗori ne. Har a littafin Don Quixote kashi na biyu, na 1615, akwai inda wani ya faɗo daga doki haƙarƙarinsa ya tabu, aka je wani gari aka samo masa algebrista ya duba shi. Ba malamin lissafi aka nemo masa ba, irin su Baban Hajiya Binta aka nemo.

Abban Sadik:
Allahu akbar. Kenan Bature ya riga sanin kalmar a matsayin ɗori kafin lissafi. Likita wannan kam gobe sai na kai majalisa.

Dr. Hadiza:
A Ingilishi kam haka ne. A Latin ta lissafin ta daɗe, Malam Nura zai fi ni riƙe shekarun.

Malam Nura:
Eh Likita. Wani Baingile mai suna Robert na Chester ya fassara littafin a garin Segovia na Sifaniya a 1145, ya sa masa suna Liber algebrae et almucabola. Gerard na Cremona ma ya yi tasa fassarar a Toledo a cikin ƙarnin nan dai. Kun ga duka a Sifaniya ne, inda littattafan Larabci suke jibge kuma akwai masu jin harsunan biyu. Sannan Fibonacci ɗan Italiya, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke aiki, ya kawo kalmomin biyu a littafinsa na 1202.

Game da siffar kalmar kuma, su masu fassarar ba su ɗauki "al" a matsayin wani abu daban ba, suka haɗiye ta tare da kalmar. Mu ma haka muka yi, alƙalami, albasa, aljihu, almakashi, alƙali, duk "al" ɗin Larabci ce ta manne, har muna cewa alƙalamin nan ba mu jin mun maimaita komai. Wasalin ƙarshe kuma na Latin ne, don kalmar ta zauna cikin nahawunsu.

Ustaz Kabiru:
Malam Nura na bi misalanka da biro kuma na ga abin da kake nufi da naƙasa. Har ya tuna min da abin da ke gabanmu kullum, sujadar ƙabli. Wanda ya rage sunna mai ƙarfi a salla, malaman fiƙihu cewa suke sujada tana jabr ɗin abin da ya tawaya, wato tana cike shi. Haka a hajji wanda ya bar wajibi ana cewa a yi jabr da yanka. Da addu'ar tsakanin sujada biyu da Tirmizi ya ruwaito, Allahummagfir li warhamni wajburni, ba cewa kake Allah ya tilasta maka ba, cewa kake ya ɗora maka karayarka ya cike maka abin da ka rasa. Sunan Jabir ma da Auwal ya kawo daga nan yake, mai ɗora abin da ya karye.

Amma duk da haka ban sauka gaba ɗaya ba. Shi al-Khwarizmi ya faɗa da bakinsa cewa ga dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma? In bai faɗa ba to ni da kai duk fahimta muke yi.

Malam Nura:
Allah gafarta Malam bai faɗa ba, wannan gaskiyarka ce. Ya yi amfani da kalmar ne kai tsaye ba tare da ya tsaya fassara ta ba, kamar mai magana da waɗanda suka riga suka san ta, shi ya sa ake ganin wataƙila masu lissafi na zamaninsa suna faɗinta tun kafin ya rubuta. Kuma cikin masu binciken tarihin lissafi na zamanin nan akwai wanda ya tafi a kan ra'ayinka na tilastawa. Hujjata dai ita ce yadda jimlar take zuwa a littafin, ka yi wa kaza jabr da kaza, kuma kazan farko kullum shi ne wanda aka cire wa wani abu. Da tilasta amsa ake nufi da abun da ake nema za a ambata a wurin.

Ustaz Kabiru:
Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai Ibn Faris a Maƙayis ya mayar da tushen gaba ɗaya ga girma da ɗaukaka da miƙewa, har dabinon da ya yi tsawo hannu ba ya kai masa ana ce masa jabbara. To in tambayar Abban Sadik ita ce me kalmar ke nufi a littafin lissafi, na bi ka, cike naƙasa ne. In kuma tambayar ita ce wace ma'ana ce ta fara zuwa a harshen Larabci tun asali, ƙarfi ne ya haifi ɗori ko ɗori ne ya haifi ƙarfi, nan kam su kansu malaman luga ba su taru a kan magana ɗaya ba, ni kuma ina tare da masu cewa ƙarfin ne.

Sani Maraɗi:
Wani abu kuma da nike ji ana faɗi, wai x ɗin ma daga shai'un ta fito, wai mutanen Sifaniya ba su da harafin shin sai suka rubuta x. Gaskiya ne?

Malam Nura:
Labarin yana yawo sosai amma ba a samo rubutun da ya nuna wannan sarƙar ba. Abin da aka tabbatar shi ne masu fassara zuwa Latin fassara shai'un suka yi da kalmarsu ta abu, res, Italiyawa suka ce cosa, har fannin ya daɗe ana kiransa ƙa'idar cosa a can. Amfani da x da y da z a matsayin abin da ba a sani ba kuwa Descartes ne ya yaɗa shi da littafinsa na 1637, kusan shekara ɗari biyar bayan fassarar. Ni ba na faɗa wa ɗalibai wannan labarin na shin.

Auwal Katsina:
To amma dai a taƙaice mu Musulmi muka ƙirƙiro aljebra ko? Don wani a wurin aikinmu yana ta musu wai Girkawa ne.

Dr. Hadiza:
Auwal a yi adalci a nan. Mutanen Babila suna warware irin waɗannan tambayoyi fiye da shekara dubu biyu kafin al-Khwarizmi, Diophantus ya yi nasa da Girkanci a Iskandariyya, Indiyawa irin su Brahmagupta sun yi nisa har da lambobin ƙasa da sifiri. Abin da shi ya yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ya tsara abin ya zama fanni mai zaman kansa, ya fara da ƙa'idoji da siffofin nan shida da hujjar uku daga cikinsu sannan ya kawo tambayoyi, yadda mai koyo zai ɗauka ya yi aiki da shi a kan tambayar da bai taɓa gani ba. Sunan kam nasa ne babu mai ja.

Malam Nura:
Haka ne. Kuma Ustaz ga abin da zai ja hankalinka, a gabatarwar littafin ya ce ya rubuta shi ne don abin da mutane ke buƙata a gado da wasiyya da rabon dukiya da shari'a da kasuwanci da awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Kashi mafi tsawo a ƙarshen littafin duk tambayoyin wasiyya ne, irin mutum ya rasu ya bar 'ya'ya ya yi wa wani bare wasiyya kuma yana bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashi. A irin wannan ba ka san yawan dukiyar da za a raba ba sai ka san rabon ɗan da ake bi, ba ka kuma san rabonsa ba sai ka san yawan dukiyar, to a nan ne ake kiran abin da ba a sani ba abu a ci gaba da lissafi da shi.

Ustaz Kabiru:
Wannan matsalar mun sha karo da ita a rabon gado, magaji da bashin mamaci a kansa. Malam Nura in akwai hali ka kawo mana misali ɗaya daga babin wasiyyar da lambobinsa, in gwada da yadda muke fitar da asalin mas'ala a fara'il mu ga ko za mu haɗu a amsa ɗaya.

Malam Nura:
In sha Allah Ustaz, sai na zauna na rubuto shi daidai yadda ya kawo shi don kada in canza masa lamba. Akwai na mutumin da ya bar 'ya'ya maza biyu da dirhami goma a hannu da goma bashi a kan ɗaya daga cikinsu, ya yi wasiyya da sulusi, da shi za mu fara.

Hajiya Binta:
Ku sa ni a ciki in za a yi na gadon, akwai abin da nake so in tambaya a kan gidan da aka bar mana.